Yadda mai basir zai riƙa tsarki ba tare da ya jawo wa kansa ƙaiƙayi da raɗaɗi ba

Mu nan zango ba wanda zai koya mana wanka da ruwa bayan an fito daga bayan gida, da buta muka tashi tun muna yara, kuma wannan alheri ne babba ga mai basir don ruwa ya fi takarda sauƙi a fata nesa ba kusa ba. Amma abun da ke damuna shi ne da yawa cikin masu kukan basir ɗinsu na ƙaiƙayi, yana zafi kamar an zuba barkono, in ka bi maganar a hankali sai ka tarar ba basir ɗin kaɗai ke wahalar da su ba, yadda suke wanke wurin ne ya ƙara lalata shi. Mutum ya ji ƙaiƙayi sai ya ɗauka datti ne, ya ɗauko sabulu ya dirje, gobe ƙaiƙayin ya ƙaru ya ƙara dirza, ya zuba ruwan kashe ƙwayoyin cuta a baho ya zauna ciki, a haka har fatar ta tsattsage. Toh wannan rubutun kan wannan ne, yadda za ka wanke, yadda za ka busar, da abun da za ka daina kai wa wurin gaba ɗaya.

Me ke faruwa a wurin tukuna

Basir jijiyoyin jini ne da naman da ke riƙe su a bakin dubura suka kumbura. Akwai na ciki akwai na waje. Na ciki shi ne wanda yawanci ba ya ciwo sosai amma yana zubar da jini ja jawur, kuma in ya girma yana leƙowa lokacin yunƙuri, wani ya koma da kansa, wani sai an mayar da shi da yatsa, wani kuma ya ƙi komawa sam. Wannan na cikin a lulluɓe yake da irin fatar cikin hanji mai fitar da ruwa mai yauƙi, to duk lokacin da ya leƙo ko ya hana bakin dubura rufewa ruf, wannan ruwan yana ɗan tsattsafowa tare da ɗan guntun bayan gida, kaɗan ne ƙwarai ba lallai ka gani ba, amma ya isa ya sa fatar ta zauna a jiƙe. Na waje kuma in ya kumbura ya sace yakan bar ɗan tsiron fata, sai wurin ya zama yana da lungu-lungu da bayan gida ke maƙalewa.

Kaga dalilin da ya sa goge-goge da takarda ba ya yi wa mai basir aiki kenan. Takarda busasshiya ba ta shiga lungun nan, shafe dattin kawai take a kan fata, kai kuma kana duba takardar kana ganin saura sai ka ƙara gogewa da ƙarfi, sau biyar sau shida, kowane gugan yana kankare saman fatar da dama ta yi laushi saboda jiƙa. Jinin da wasu ke gani a tishu ma wani lokacin daga wannan kankarewar yake fitowa.

Sabulu kuma nasa aikin daban ne. Fatar mutum tana da ɗan maiƙo na halitta da ɗan tsami-tsami wanda ke kare ta, a ma'aunin da masana ke amfani da shi fata tana wajen 5.5, sabulun sanda na yau da kullum kuma yana kaiwa 9 zuwa 10, wato yana can ɓangaren kanwa. Fatar hannu da ta baya suna iya jurewa. Fatar bakin dubura siririya ce, cike da jijiyoyin ji, kullum a rufe cikin zafi da gumi, in sabulu ya wanke mata maiƙon nan sai ta bushe ta yi ƙananan tsaga da ido ba ya gani, gumi da ɗan ruwan basir su shiga ciki, shi ne raɗaɗin da kake ji in ka zauna a benci ko cikin torotoro.

Kayan da za ka tanada

Ba su da yawa kuma ba tsada. Buta taka ta kanka, wadda kake wankewa ciki da waje lokaci-lokaci don butar da ta daɗe da ruwa a ƙasanta takan yi gansakuka. Ruwa mai tsabta, mai ɗumi-ɗumi in da hali, irin wanda in ka zuba a bayan hannunka ba za ka janye ba. Ƙananan ƙyallayen auduga masu laushi kamar guda biyar ko shida, tsohuwar singileti ta auduga da aka wanke aka yayyanka ta fi sabon tawul mai kaushi. Sai baselin fari wanda ba turare a ciki, ko man zink oksaid, shi ne farin man nan mai kauri da ake shafa wa jarirai in kunzugu ya ci musu fata, kowane kemis za ka samu. Sannan ka yanke farcen hannun hagu ƙasa sosai ka goge bakinsa, wannan ƙaramin abu ne amma wallahi farce ɗaya mai kaifi ya isa ya fasa basir ya sa shi jini.

Wankin kansa

Tsarkin yana farawa ne tun kafin ka ɗauki buta. Kar ka daɗe a tsugune, in abu ya fito ya fito, in bai fito cikin minti biyar ba ka tashi ka dawo an jima, kuma waya ta zauna a aljihu. Duk daɗewar da ka yi a tsugune jini ke taruwa a basir ɗin yana ƙara kumbura, kuma kumburarren basir ya fi wuyar wankewa ya fi saurin fashewa.

Da ka gama, fara zuba ruwan kawai tukuna kafin hannu ya taɓa wurin. Ka riƙe butar da dama, ka bar ruwan ya gangara ya kwashe mafi yawan abun da kansa, kamar sulusin butar. Bayan nan sai ka kai hannun hagu, da tafin yatsu ba da bakin yatsu ba, kana shafawa a hankali ruwan na ci gaba da zuba. Kalmar da nake so ka riƙe ita ce shafawa, kamar yadda za ka wanke wa jariri ido. In akwai tsiro, ka ɗan ɗaga shi da yatsa ruwa ya bi ƙarƙashinsa da gefensa, kar ka ja shi kar ka murza. Ka ɗan saki jikinka yadda ruwan zai kai ga lungunan bakin, in ka matse wurin dattin zai ɓuya ciki ya fito daga baya bayan ka tashi. Da ka ji santsin ya tafi fatar ta koma yadda take, shikenan ka tsaya. Rabin minti zuwa minti ɗaya ya isa, buta ɗaya ta isa.

Nan ne wasu 'yan uwa ke shiga wasuwasi, su ƙarar da buta biyu uku, har su riƙa tura yatsa ciki wai su tabbatar sun tsarkaka. Kar ka yi haka. Abun da ake nema a tsarki shi ne wanke abun da ke waje, malamanmu ma haka suke karantarwa, ba a ɗora wa kowa wanke cikin dubura ba. Tura yatsa yana goge basir na ciki kai tsaye, yana sa shi jini, yana kuma ƙara tsokano ruwan yauƙin da kake ƙoƙarin kawarwa. In kuma damuwarka ita ce ɗan ruwan da ke fitowa bayan ka yi alwala, wannan akwai sauƙi a kansa a fiƙihu ga wanda abun ya zame masa lalura, ka tambayi malamin unguwarku ya yi maka bayani, ya fi ka riƙa komawa bayan gida kana wanki sau goma a rana.

In basir ɗinka irin mai leƙowa ne wanda ba ya komawa da kansa, sai ka gama wanke shi tas da ruwa tukuna, sannan ka ɗan shafa baselin a yatsa ka tura shi ciki a hankali kana sakin numfashi, ba da ƙarfi ba. Wannan kaɗai ne dalilin da zai sa yatsa ya wuce baki. Barinsa a waje yana gogar wando shi ke kawo yawan ruwa da jini. In ya ƙi komawa kuma ya yi tauri yana zogi, ka bar shi haka ka tafi asibiti ranar.

Ke kuma 'yar uwa, hannunki ya riƙa tafiya daga gaba zuwa baya ne kullum, ki fara wanke gaba ki gama sannan ki koma baya, kar ruwan baya da hannun da ya taɓa baya su dawo gaba, don ta nan ciwon sanyin fitsari ke samun hanya. Masu ciki da masu jego suna yawan fama da basir, kuma masu jego ne aka fi matsa wa da ruwan zafi, zan dawo kan wannan.

Sabulun yana da wurinsa, wato hannu. Bayan ka gama ka wanke hannuwanka da sabulu sosai har ƙarƙashin farce.

Busarwa, matakin da kusan kowa ke tsallakewa

A ganina wannan ne babban giɓin da ke cikin tsarkinmu. Muna wankewa da kyau, sai mu ja wando a kan jiƙaƙƙiyar fata mu fita. Ga mai lafiya ba komai, wandon zai shanye. Ga mai basir kuwa, a garin da ke da zafi da laima irin Kumasi, wurin ba zai bushe ba har lokacin alwala ta gaba, sai fatar ta yi fari-fari ta yi taushi ta fara saɓulewa, in aka yi rashin sa'a naman gwari, wato ƙwayar cutar fata mai son laima, ya samu wurin zama.

Toh bayan wanki ɗauko ƙyallen audugan nan ka ɗora a wurin ka ɗan danna, ka ɗaga, ka juya busasshen gefe ka ƙara dannawa, sau biyu ko uku. Kar ka ja shi gaba da baya ko sau ɗaya. Ƙyalle ɗaya amfani ɗaya, ka jefa shi a wata 'yar leda ko roba ta daban, a wanke da sabulu mara ƙamshi, a ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare don sauran garin sabulun wanki a ƙyalle ko a kamfai shi ma yana cin fata, a shanya a rana. In ba ƙyalle, tishu fari mai laushi wanda ba turare ba kala shi ma ya yi, ka ninka shi biyu ko uku ka danna kamar yadda na ce. Mai araha ɗin nan da ke narkewa da ya taɓa ruwa ka kiyaye shi, yana barin ɓurɓushi a lungunan fata, ɓurɓushin nan kuma ƙaiƙayi ne tsantsa. In kana gida kai kaɗai a ɗaki, bayan dannawar ka ɗaura zani ko ka sa jallabiya ba kamfai na minti biyar gaban fanka, iska ta ƙarasa aikin.

Da wurin ya bushe sai ka lakato baselin ko zink oksaid kamar girman ƙwayar wake, ka shafa siriri a fatar da ke zagaye da bakin. Aikinsa ya shiga tsakanin fata da ruwan da ke tsattsafowa. Kar ka cika shi, mai da yawa yana riƙe gumi. Kuma kar ka shafa a kan jiƙaƙƙiyar fata, ka rufe laimar ciki kenan. In zink ne, a wanki na gaba ba sai ka kankare farin da ya rage ba, wanke datti kawai ka ƙara sabo a kai. Man kaɗe tsantsa mai tsabta wanda ba a haɗa shi da turare ko wani magani ba shi ma zai iya tsayawa a madadin baselin in shi ke hannunka.

Wanda ruwan yauƙin ke damunsa sosai zai iya ɗaukar 'yar auduga ta kemis, siririya ƙwarai, ya ɗora a bakin duburar tsakanin ɗuwawu, ba a ciki ba, ya canza ta duk lokacin da ya shiga bayan gida ko ya ji ta jiƙe. Kamfai kuma na auduga mai ɗan sakewa, na roba-roba mai matsewa a ajiye shi tukuna.

In kana waje fa

A gida abun da sauƙi. Wahalar tana ga wanda ke wuni a Kejetia ko tashar mota, ko wanda gidansu ba bayan gida sai na haya, ka biya kuɗi a ƙofa a miƙo maka 'yar takarda, wani wurin tishu 'yan ninki, wani wurin yankin jarida, ruwa kuma wani lokacin akwai wani lokacin babu. Takardar jarida da ta siminti da ta littafin makaranta kam mai basir ya rabu da su kwata-kwata, kaushinsu yana yankar fata.

Abun da za ka yi shi ne ka shiga da kayanka. Ledar fiyawata ɗaya rabin lita ce, biyu sun isa tsarki mai kyau, ka huda ƙaramin rami a kusurwa ka riƙa matsawa ruwan na fita siriri, ya ma fi buta kai wa wurin da ake so. Ka nemi wadda ba ta fito daga firji ba don ruwan sanyi ƙarara yana sa wurin ya matse ya yi zogi, musamman in akwai tsaga. Ko ka ajiye ƙaramar gorar roba ta musamman a jaka. Sai ƙyalle ɗaya ko tishu mai laushi a 'yar leda don busarwa, da ɗan baselin a ƙaramin gwangwani. Duka wannan zai shiga aljihun riga.

Ranar da ruwa ya yi ƙaranci, famfo bai kawo ba kowa na lissafin galan ɗinsa, ga yadda za ka yi da kofi ɗaya: ka jiƙa tishu ninki uku da ruwa, ka ɗora ka ɗan danna ka ɗauke, ka sake da sabo sau biyu ko uku, sauran ruwan ka ɗauraye da shi, ka busar. In ko ɗigon ruwa babu sai busasshen tishu, ka ɗan shafa masa baselin kafin ka kai shi wurin, ka danna ka ɗauke maimakon ja, kar ka wuce sau uku ko huɗu, da ka isa inda ruwa yake ka wanke.

Jiƙaƙƙen tishun jarirai na cikin fakiti mutane na ganin shi ne mafita, ni ban cika son shi ga mai basir ba. Da yawansu akwai turare da sinadaran hana lalacewa, wasu har da barasa, kuma sanannen abu ne a wurin likitocin fata cewa suna jawo wa wasu mutane borin fata a wannan wurin. In dole ce ta sa, ka nemi wanda aka rubuta ba turare ba barasa, ka yi amfani da shi jefi-jefi, kuma ka busar bayansa.

Abubuwan da za a ajiye

Wajen wanka da safe da yamma, soson ragar nan dogo da muke dirzar baya da shi kar ya kusanci wurin. Sabulun alata yana da kyau ga jiki ga masu son shi amma da toka ake yin sa, yana da ƙarfi, ba na wannan fatar ba ne. Haka sabulun wanki na sanda, haka sabulun magani mai ƙamshin asibiti. Kumfar da ta gangaro daga bayanka lokacin wanka ka ɗauraye ta sosai a ƙarshe da ruwa zalla, wannan ya wadatar.

Ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗiga wa bokitin wanka ya koma fari, kar ka zauna cikinsa kar ka yi tsarki da shi, basir ba ciwon ƙwayar cuta ba ne balle a ce za a kashe wani abu, ƙona fatar kawai zai yi. Man zafi, alif, kanwa, lemun tsami, tafarnuwa, duk na ji ana cewa suna ƙona tsiro ya faɗi. Abun da suke yi shi ne gyambo. Haka citta da barkono da ake niƙawa a ɗura da bentuwa ko a cusa, wanda maƙwabtanmu ke yi wa basir, da suke kira koko, kuma wasunmu suka ɗauka, zafin da kake ji ba alamar magani na aiki ba ne, naman ciki ne ke ƙonewa, bakin bentuwar kansa ma yana iya fasa basir.

Man basir na kemis kuma ka duba ko akwai haidrokotizon, maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, a ciki. In akwai, kar ka wuce kwana 7 kana shafawa sai da izinin likita, don in aka daɗe yana sa fatar ta ƙara sirancewa, da ka daina ƙaiƙayin ya dawo fiye da da. Masu ɗauke da maganin kashe zafi su ma wasu mutane jikinsu na yin bori da su in an daɗe.

Zama cikin ruwan ɗumi

Lokacin da basir ya tashi yana zogi, wannan yana taimakawa ƙwarai. Baho mai faɗi da aka wanke, ruwa mai ɗumi ya kai kamar tsawon yatsa ko ya ɗan fi, yadda zai rufe wurin in ka zauna. Minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, musamman bayan ka yi bayan gida. Ruwa zalla. Ɗumin yana sa naman da ke matse bakin dubura ya saki, zogin ya sauka. Ka gwada da gwiwar hannu kafin ka zauna, in ka ji dole sai ka ɗaga ka sake zama saboda zafi to ya yi yawa, a surka. Iyayenmu mata don Allah a sassauta wa masu jego a nan, tafasasshen ruwa ba ya mayar da basir, ƙuna yake kawowa, ga mai ɗinki kuma abun ya fi muni. Mai ciwon suga shi ma ya yi hattara don wasunsu ba sa jin zafin ruwa yadda ya kamata. Kar a wuce minti 15, kuma da an tashi a busar kamar yadda aka faɗa a sama, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko

A ce tela ne a Aboabo, shekararsa wajen 35, yana wuni a kan keke. Basir ɗinsa na leƙowa in ya yi yunƙuri ya koma da kansa, jini jefi-jefi. Wata biyu kenan ƙaiƙayi ya dame shi, ya fi tsanani da dare. Yana tsarki da sabulun alata duk shigarsa bayan gida, yana dirzawa da soso wajen wanka, da dare ya zauna a ruwan da ya ɗiga wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga man kemis mai haidrokotizon da ya shafe makonni yana shafawa. In aka duba wurin za a ga fatar zagayen ta yi ja, wani gefen ta yi fari ta yi kauri, da 'yan layukan tsaga da sawun farce.

Ranar farko abun da zai yi shi ne ajiye sabulu da soso da ruwan maganin, man kuma tunda ya daɗe a kai ya nuna wa likita ko mai kemis ɗin da ya san aikinsa a gaya masa yadda zai bar shi. Ya koma ruwa zalla, dannawa da ƙyalle, zink oksaid siriri safe da dare da bayan kowane bayan gida. Kwana biyu ukun farko ƙaiƙayin zai iya ma ƙaruwa, kuma zai riƙa jin kamar bai tsarkaka ba saboda ya saba da kumfa, nan ne yawancin mutane ke karaya su koma wa sabulu. In ƙaiƙayin ya taso da dare kar ya sosa, ya tashi ya ɗauraye da ruwa ya busar ya shafa mai, ko ya naɗe ledar ruwa mai sanyi a ƙyalle ya ɗora minti goma, ko ya danna wurin da tafin hannu ta saman wando. A shago ya riƙa miƙewa daga kan keken lokaci-lokaci ya ɗan taka, iska ta shiga.

Sai ɓangaren ciki, don bayan gida mai laushi da ya fita gaba ɗaya shi ne mai sauƙin wankewa, mai tauri yana yaga, mai ruwa-ruwa kuma yana yoyo. Ya ƙara wake, miyar ayoyo da kuɓewa da kontomire a kan tuwon zafinsa, gwanda da lemu, ya sha ruwa sosai musamman ranar da ya ci gari ko dokunu. Shito da barkono ba su ke haifar da basir ba amma suna ƙara raɗaɗi wajen fita, ya rage su na sati biyu, haka kofi in yana sha.

Yadda zai gane ana samun sauƙi: zuwa ƙarshen satin farko raɗaɗin lokacin da ruwa ya taɓa wurin ya ragu, yana iya barci ba tashi sosa. Zuwa sati biyu jan ya dushe, ƙaiƙayin ya zama jefi-jefi. Kaurin fatar shi yakan ɗauki makonni kafin ya koma daidai. Basir ɗin kansa yana nan, tsarki ba ya cire shi, in leƙowar da jinin suka ci gaba wannan aikin likita ne, akwai ɗaure shi da roba da ake yi ba tare da an kwantar da mutum ba, akwai tiyata ga wanda ya girma.

In ya yi duk wannan sati biyu cur ba canji, to wataƙila ba sabulun ba ne kaɗai. Ƙaiƙayin dare da yara a gidan ma ke yi yakan zama ƙananan tsutsotsin ciki, sai an ba duk gidan magani. Jan da ya bazu zuwa matsematsi da ƙananan ƙuraje a gefe yakan zama naman gwari, kuma a nan ya kamata a auna suga. Zafi mai kaifi kamar yankan reza lokacin bayan gida wanda ke daɗewa bayan an gama, wannan ya fi kama da tsagewar dubura, maganinsa daban.

Akwai kuma abubuwan da ba a jira sati biyu a kansu. Ƙullutu mai tauri shuɗi-shuɗi da ya fito kwatsam da zogi mai tsanani, jini ne ya daskare a basir na waje, in za a yi masa ɗan aiki ya fi amfani cikin kwana ukun farko. Kumburi mai zafi da zazzaɓi ko mugunya, wannan maruru ne, sai an fasa shi a asibiti. Jini mai yawa ko gudaji, jini mai duhu da ya cakuɗe da bayan gida, bayan gida baƙi kamar kwalta, jiri da kasala, rama ba dalili, ko yanayin bayan gidanka ya canza na makonni, musamman in ka haura 40 ko akwai wanda ya yi kansar hanji a danginku. Irin wannan ka je asibitin da ke kusa da kai a duba da ido da yatsa, in sun ga da buƙata za su tura ka babban asibitin Komfo Anokye a yi maka gwajin leƙa hanji. Ka faɗa wa likitan duk abun da ka shafa ko ka ɗura, har na gargajiya, ka tafi da kwalayen in suna nan, kuma in kin fi son mace ta duba ki ko a sa nas mace ta tsaya a ɗakin, ki faɗa tun wajen karɓar kati.